Lambar da ke kan tambarin Gmail ta ƙi daidaita da saƙonnin da ban karanta ba

"Assalamu alaikum Malam. Samsung nake riƙewa, kuma ta Gmail nake karɓar saƙonnin aiki. Sai in ga lamba 3 a kan tambarin Gmail, in na shiga in tarar 17 ne ban buɗe ba. Wani lokacin kuma na gama karanta komai a kwamfutar ofis, amma lambar tana nan daram har dare. Wayar ce ta lalace, ko saƙonni ne ke ɓacewa? Ina jiran wata takarda mai muhimmanci, hankalina bai kwanta ba."

Wata mai karatu daga Zariya

Wa alaikumus salam, Malama. Ki kwantar da hankalinki, saƙonninki ba a kan wannan lambar suke zaune ba. Suna can ajiye a sabar Google, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe da akwatin saƙon kowa, kuma duk abin da lambar ta nuna, ko 3 ko 300, ba ya ƙara saƙo ɗaya, ba ya rage ɗaya. Wayarki ma, bisa abin da kika faɗa, ban ga alamar ta lalace ba. Abin da ke faruwa shi ne wurare uku ne ke yin ƙirga, kowanne da abin da yake ƙirgawa. Akwai sabar Google, wadda ita ce ke da lissafi na gaskiya. Akwai manhajar Gmail da ke cikin wayarki, wadda ke riƙe da kwafin wannan lissafi tana sabunta shi duk lokacin da ta sami hanya. Sannan akwai 'yar lambar da ke kan tambari, wadda a wayar Android ba ma saƙonni take ƙirgawa ba. A nan mafi yawan ruɗanin yake, don haka da ita zan fara.

Abin da lambar take ƙirgawa a Android

Kafin shekarar 2017, Android ba ta da wata hanya ɗaya da kowa ya yarda da ita ta sa lamba a kan tambarin manhaja. Kowane kamfanin waya da dabararsa, shi ya sa wanda ya riƙe tsofaffin wayoyin Samsung zai tuna cewa a wancan lokacin lambar takan tsaya har sai ka buɗe saƙon da kansa. Da Android 8 ta fito a 2017, sai Google ta kawo tsari guda, ta ɗaure alamar da sanarwa. Sanarwa ita ce wannan rubutun da kike gani in kin jawo allon waya daga sama zuwa ƙasa. Muddin akwai sanarwar Gmail a wannan wurin, tambarin zai ɗauki alama. Da zarar kin share sanarwar da yatsa, alamar ta tafi, ko da ba ki buɗe saƙon ba. A wayoyin Google na Pixel ɗigo kawai ake gani, babu lamba sam. Samsung ce ta ba mutane zaɓi tsakanin ɗigo da lamba, amma tushen lambar bai canza ba, daga sanarwa take ɗaukowa.

Kamar a ce an sa yaro a zaure yana ƙirga waɗanda suka yi sallama ba a amsa musu ba tukuna. Duk wanda aka amsa wa ya fita daga lissafinsa, ko da mutumin ya shiga ciki yana zaune bai ga mai gida ba. In kika tambayi yaron zai ce uku, in kika leƙa ciki ki tarar da mutum goma sha bakwai, kuma yaron bai yi ƙarya ba.

Ki gwada da kanki yanzu, ba zai ci miki minti ɗaya ba. In lambar tana nuna 3, ki jawo allon daga sama ki duba sanarwar Gmail, ki buɗe ta in a dunƙule take. Galibi za ki ga saƙonni uku jere. Ki share ɗaya zuwa gefe, ki koma fuskar waya, lambar za ta sauka zuwa 2. Ki danna Clear ko Clear all, za ta ɓace gaba ɗaya. Sai ki shiga Gmail, za ki tarar saƙonnin nan 17 suna nan da baƙin rubutunsu mai kauri, babu wanda ya motsa. In haka ta faru, to rabin tambayarki ya warware: sauran 14 ɗin saƙonni ne da kika share sanarwarsu jiya ko shekaranjiya, ko waɗanda tun farko ba su zo da sanarwa ba. Mutane da yawa sukan danna Clear all da safe don su rabu da tarin sanarwar WhatsApp da ta kamfanonin layi, ta Gmail ta bi ruwa tare da su ba su lura ba.

Ina cewa "galibi" ne saboda Android ta bar wa kowace manhaja damar faɗin lambar da take so a rubuta wa sanarwarta, kuma manhajar da ke shirya fuskar waya, wadda a Samsung sunanta One UI Home, ita ke yanke yadda za ta haɗa lissafin. Don haka akan sami bambancin ɗaya ko biyu tsakanin wannan waya da waccan. Amma dokar ba ta canzawa: babu sanarwa, babu lamba.

Saƙonnin da ba sa zuwa da sanarwa

Tun 2013 Gmail ta raba akwatin saƙo gida-gida. Akwai Primary, inda take zuba abin da take ganin na mutane ne kai tsaye. Akwai Promotions na tallace-tallace, Social na kafofin sada zumunta, sai Updates da Forums ga wanda ya kunna su. Yadda manhajar take zuwa, Primary kaɗai ke tayar da sanarwa. Duk saƙon da Gmail ta jefa Promotions ko Updates zai shigo shiru, ya zauna ba a karanta ba, tambarin bai san da shi ba. Wannan wurin ne ya fi damuna a zancenki, tunda kin ce kina jiran takarda. Saƙon da hukuma ko makaranta ko kamfani ke turawa ga mutane da yawa lokaci guda, na'ura ce ke aika shi, kuma irinsa ne Gmail ta fi kaiwa Updates ko Promotions. Na sha ganin takardar gayyatar ganawa ta neman aiki kwance tsakanin tallan takalma da tallan data, mai ita yana ta duba tambari yana cewa ba a turo ba.

Akwai kuma saitin da ke ƙara tsuke abin. A cikin Gmail, ki danna layuka uku na sama, ki gangara zuwa Settings, ki zaɓi adireshinki, ki duba Notifications. Zaɓi uku ne: All, High priority only, da None. In an sa High priority only, to ko a cikin Primary ma Gmail ce ke tantance wanda ya cancanci ta sanar da ke, sauran su shigo ba motsi. Ga mai karɓar saƙon aiki, All nake ba da shawara. A ƙarƙashinsa akwai Manage labels, inda za ki iya shiga Updates ki kunna masa sanarwa shi ma. Promotions kam ban so a kunna, domin cikin kwana biyu za ki gaji da kukan waya ki kashe komai, a koma gidan jiya.

Yadda ake gano lissafi na gaskiya

Duk wanda ya kawo mini waya da irin wannan ƙorafi, ba na taɓa saiti ko ɗaya sai na fara tambayar sabar. Dalili kuwa, in ba ka san lambar gaskiya ba, ba ka san wace ce ta karkace ba, sai ka yi ta goge-goge a banza. Tambayar sabar abu ne mai sauƙi. A kwamfuta ki buɗe mail.google.com, a akwatin bincike na sama ki rubuta wannan:

```
in:inbox is:unread
```

Zai fito da duk abin da ba a karanta ba a akwatin, daga kowane gida. A sama ta hannun dama za ki ga adadinsu. Sai ki sake da wannan, wanda ya tsaya kan Primary kaɗai:

```
in:inbox category:primary is:unread
```

Lambar da wannan na biyun ya ba ki ita ce ya kamata ta yi daidai da 17 ɗin da kike gani a cikin manhaja. In sun daidaita, manhajarki lafiya lau take, tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da sabar. In sun bambanta, to manhajar ta kwana a baya, kuma zan zo kan wannan. Binciken yana aiki a cikin manhajar waya ma in akwai data, sai dai a kwamfuta ne adadin ke fitowa a rubuce.

Abu ɗaya da za ki riƙe a nan: Gmail zaren hira take ƙirgawa, ba saƙo ɗai-ɗai ba. In mutum uku suka amsa wasiƙa ɗaya a ƙarƙashin take ɗaya, Gmail za ta dunƙule su ta ce 1. Wata manhajar imel, kamar Mail ta iPhone, za ta ce 3. Wannan kaɗai ya isa ya sa waya biyu masu adireshi ɗaya su yi ta saɓani har abada.

Bari in nuna miki yadda lissafin ke fita da misalin wani ma'aikaci da ya zo wurina da waya biyu, Samsung da iPhone, dukansu da adireshin Gmail ɗaya. Samsung tana nuna 4. Manhajar Mail ta iPhone tana nuna 61. Kwamfutarsa kuwa, a gefen Inbox, 9 ta rubuta. Ya riga ya yanke cewa wani ya shiga asusunsa yana karanta masa saƙonni. Muka fara da bincike na biyun nan, ya ba mu 9, daidai da kwamfuta, domin in an kunna gidajen nan, lambar da ke gefen Inbox ta Primary ce kawai. Muka yi na farko, ya ba mu 52. Ke nan 43 suna warwatse a Promotions da Social da Updates. To iPhone fa, ina ta samo 61? Manhajar Mail ba ta ganin gidajen Gmail, duk abin da ke akwatin wuri ɗaya take zuba shi, don haka daga 52 za ta fara. Cikin waɗannan, zare ɗaya yana ɗauke da saƙo uku da ba a buɗe ba, wani yana da biyu, wato ƙarin uku, ya zama 55. Saura shida. Muka koma jerin Mailboxes, sai ga adireshin wurin aikinsa, wanda a iPhone kaɗai aka sa shi, da saƙo 6 ba a karanta ba. 55 da 6, 61 cif. Ita kuwa Samsung, da muka jawo allo, sanarwa huɗu ce ta saƙonnin da suka shigo tun safe, sauran biyar na Primary ya share sanarwarsu tun tuni. Babu wanda ya shiga asusunsa, kuma babu lamba ɗaya cikin ukun da ta yi kuskure. Abin da muka gyara kawai shi ne ya zaɓi duk 43 ɗin nan a kwamfuta ya danna Mark as read, bayan mun bi su mun tsamo wasiƙar banki ɗaya da yake buƙata.

Lambar da ta maƙale bayan kin karanta a kwamfuta

Wannan ɓangaren na tambayarki shi ne inda ake iya samun matsala ta gaske. Yadda ya kamata abin ya gudana, in kika buɗe saƙo a kwamfutar ofis, sabar za ta yi masa shaidar an karanta, ta taɓa wayarki, manhajar Gmail ta farka a ɓoye ta karɓi labari, ta janye sanarwar, lambar ta sauka. In komai na tafiya daidai, wannan ba ya wuce 'yan mintuna. In lambar ta kai dare, to an tare hanya a wani wuri, kuma kusan kullum abin da ya tare ta shi ne an hana manhajar farkawa in ba a buɗe take ba.

Masu hana ta su ne abubuwan da muke kunnawa da hannunmu saboda tsadar data da rashin wuta. Data saver yana hana manhajoji taɓa intanet a ɓoye. Power saving yana rage musu aiki ko ya tsayar da daidaitawa. Samsung kuma tana da nata tsarin na kwantar da manhajoji barci, a ƙarƙashin Background usage limits a sashen batir, inda za ki ga Sleeping apps da Deep sleeping apps. Manhajar da ta faɗa cikin na biyun ba ta motsi sam sai kin buɗe ta da kanki. Masu Tecno da Infinix da itel su ma suna da irin wannan, musamman in suna yawan danna maɓallin share-share na Phone Master. Ita kanta Android, tun fitowar ta shida a 2015, tana da tsarin da ke rage wa manhajoji fita intanet in an ajiye waya ba a taɓa ta ba kuma ba a caji, amma wannan jinkiri kawai yake kawowa, ba ya kai yini.

Ga gwajin da nake yi don in tabbatar. Ki sa wata ta turo miki saƙo daga nata adireshin, wayarki tana kulle, data a kunne. Kar ki taɓa Gmail. In sanarwa ta zo cikin minti biyu ko uku, hanyar shigowa a buɗe take. Sai ki buɗe saƙon a kwamfuta, ki zuba wa wayar ido. In sanarwar ta janye da kanta, to lafiya, abin da ya same ki ranar nan rashin sabis ne ko data ce ta ƙare. In kuwa saƙon bai bayyana ba sai da kika buɗe manhajar, ko sanarwar ta ƙi janyewa sai da kika shiga kika ja jerin saƙonni ƙasa ya sabunta, to an ɗaure manhajar.

Kwance ta ba wuya. Ki shiga Settings na waya, Apps, Gmail. A Battery ki zaɓi Unrestricted. A Mobile data ki kunna Allow background data usage, da kuma wanda ke ba ta izinin data ko da Data saver na aiki. Ki duba jerin masu barci, in Gmail na ciki ki fitar da ita. Daga nan ki je Accounts and backup, Manage accounts, ki tabbatar Auto sync data a kunne yake. Wannan maɓallin shi ne wanda na fi samu a kashe, domin akwai masu gyaran waya da abokan arziki da ke kashe shi da sunan taimako, wai don batir ya daɗe. Na ƙarshe, a cikin saitin Gmail ɗin kanta, ƙarƙashin adireshinki, akwai Sync Gmail, shi ma ya kasance da alamar yarda. Sunayen nan sukan ɗan sauya daga wannan ƙirar waya zuwa waccan, in ba ki ga ɗaya ba ki rubuta shi a wurin bincike na Settings. Batun data kuwa, kar ya tsorata ki. Rubutun imel ba shi da nauyi, ɗan gajeren bidiyo ɗaya na WhatsApp ya fi saƙonnin yini guda cin data, in dai ba manyan takardu ake saukewa ba.

Ki duba ma'ajiyar wayar ma. In ta cika maƙil da hotuna da bidiyo har waya na kukan ba wuri, Gmail takan daina daidaitawa, domin ba ta da inda za ta rubuta sabon abu.

In duk an yi wannan lambar ta ci gaba da taurin kai, to kwafin da ke cikin manhajar ne ya rikice. A nan a bi a hankali, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. Ki kashe wayar ki kunna. In bai yi ba, Apps, Gmail, Storage, Clear cache, wannan ba ya goge komai naki. In bai yi ba, sai Clear data, wanda ke zubar da kwafin gaba ɗaya ya sa manhajar ta sake ɗebowa daga sabar. Saƙonninki ba za su salwanta ba, amma duk wasiƙar da ke Outbox ba ta fita ba za ta iya tafiya, saitin sanarwa da sa hannun da kika tsara su ma sai kin sake. Abin da ba na so ki yi, kuma ina roƙonki, shi ne cire asusun Google daga wayar alhali ba ki tabbatar kin san kalmar sirrinsa ba. Mutanenmu da yawa a shagon da suka sayi waya aka buɗe musu adireshi, ba su taɓa rubuta kalmar sirrin da hannunsu ba. Na ga waɗanda suka cire asusu don gyaran lamba, suka wayi gari ba imel, ba lambobin mutane. Kafin ki kusanci wannan matakin, ki shiga asusun a kwamfuta da kalmar sirrin, ki ga ya buɗe.

In adireshin na wurin aiki ne

Kin ce ta Gmail kike karɓar saƙon aiki. In adireshin naki yana ƙarewa da gmail.com, ko ofishinku a kan tsarin Google yake, ki tsallake wannan. In kuwa adireshin ofis ne na daban aka shigar cikin manhajar Gmail, to ki tambayi mai kula da kwamfutocinku da wace hanya aka haɗa shi. Hanya biyu ce tsofaffi, IMAP da POP. IMAP tana barin saƙo a sabar, kuma shaidar "an karanta" a sabar ake rubuta ta, don haka kowace na'ura tana gani. POP kuwa saukewa kawai take yi, ba ta da hanyar mayar wa sabar labarin cewa an karanta. Wanda aka haɗa da POP, ko ya karanta saƙo sau goma a kwamfuta, wayarsa za ta ci gaba da ɗaukarsa sabo, kuma babu saitin batir da zai gyara wannan. Ana ganewa a Incoming settings: in sunan sabar ya fara da pop ko lambar ƙofa, wato Port, 995 ce ko 110, POP ce. In 993 ce ko 143, IMAP ce. Maganin shi ne a sake haɗa shi da IMAP, amma a yi hattara, domin a POP wani lokaci kwafin da ke cikin na'urar shi ne kaɗai ya rage, an riga an goge na sabar. Irin wannan adireshin kuma, ko da IMAP ne, manhajar kan leƙa shi ne lokaci-lokaci bisa abin da aka sa a Sync frequency, misali duk minti 15, don haka ɗan jinkiri ba laifi ba ne.

Ga masu iPhone

Na san masu iPhone za su karanta wannan, kuma nasu tsarin daban ne. A can lambar ba ta rataye da sanarwa. Manhaja ce ke faɗa wa waya "rubuta kaza", wayar ta rubuta ta bar shi har sai an sake faɗa mata wani. Shi ya sa share sanarwa ba ya sauke lambar, kuma shi ya sa takan daskare in manhajar ba ta sami damar magana ba. Mai amfani da manhajar Mail da adireshin Gmail na kyauta ya sani cewa saƙo ba ya faɗo masa nan take, manhajar ce ke zuwa ɗebowa, duk minti 15 ko 30 ko awa ɗaya bisa abin da aka zaɓa a Fetch New Data. In an bar shi a Automatically, sai waya tana caji kuma tana kan Wi-Fi take ɗebowa a ɓoye. Low Power Mode kuma yana dakatar da ɗebowar. Sannan tun iOS 18.2 da ta fito a Disambar 2024, Mail ta yi nata gidajen, kuma a Notifications, Mail, Customize Notifications akwai Badge Count, inda ake zaɓar ko Primary kaɗai za a ƙirga ko duk wanda ba a karanta ba. In lamba 1 ta maƙale an rasa saƙon, a je Mailboxes, a danna Edit, a kunna Unread. Yawanci sai ka ga wani tsohon saƙo ne na shekarun baya can ƙasan jeri, ko na wani adireshi da aka manta an sa.

Abin da ba zai gyaru ba, da takardar da kike jira

Gaskiyar da zan faɗa miki ita ce, a Samsung ɗinki babu saitin da zai mayar da lambar tambarin ta zama adadin saƙonnin da ba ki karanta ba. Haka aka gina ta. Duk gyaran da na lissafa zai sa ta daina maƙalewa ne, ta riƙa tafiya daidai da sanarwa, amma 3 da 17 za su ci gaba da saɓawa duk ranar da kika share sanarwa ba ki buɗe saƙo ba. Kuma daga nesa ba zan iya rantsuwa a kan wanne cikin masu tare hanyar nan ne ya kama taki wayar ba, gwajin turo saƙon nan ne zai nuna. Akwai manhajoji a Play Store da ke alkawarin kawo lambar gaskiya, amma ban yarda ki sa su ba. Don su yi aiki sai kin ba su izinin karanta duk sanarwar wayarki, har da lambobin sirri da banki ke turowa, wasu ma har izinin shiga akwatin saƙon suke nema. Abin da ya fi aminci shi ne ki danna fuskar waya ki riƙe, ki shiga Widgets, ki ɗauko na Gmail ki ajiye. Shi daga cikin manhajar yake karantowa, za ki riƙa ganin saƙonnin kansu a jere, waɗanda ba a buɗe ba da rubutu mai kauri.

Ita kuwa takardar, kar ki bar ta a hannun tambari ko kaɗan. In kin san adireshin da za ta fito, ko ƙarshensa kawai, ki bincika da wannan, ki sa nasu a madadin na misalin:

```
in:anywhere from:example.org
```

Kalmar farkon nan tana sa binciken ya leƙa har cikin Spam da Trash, waɗanda binciken yau da kullum ke tsallakewa. Ki yi shi yau, domin Gmail tana goge abin da ya kwana 30 a Spam da kanta. Sannan a kwamfuta, ki danna alamar da ke ƙarshen akwatin binciken, ki rubuta adireshin a From, ki zaɓi Create filter, ki yi wa Never send it to Spam alama, a Categorize as kuma ki zaɓi Primary. Daga nan duk abin da suka turo zai sauka a Primary ya zo da sanarwa. Har takardar ta iso, ki riƙa buɗe manhajar safe da yamma, ki ja jerin ƙasa ya sabunta, ki leƙa Updates da Promotions da idonki. Allah Ya sa ki ji alheri.